Usman, ga saƙon neman aikin na gyara maka

Usman, na karanta abin da ka turo. A sama ka ce duk faɗin Gombe babu wanda ya kama ƙafarka a lissafi, a ƙasa kuma kana cewa don girman Allah a taimaka maka ko da shara ce. To da wanne Alhaji zai ji? Na cire duka biyun. Zancen rashin lafiyar Inna ma na cire, ai ma'aikaci yake nema, ba rabon zakka yake ba. Abin mamaki, aikinka na Tudun Hatsi ko ambatonsa ba ka yi ba, alhali shi ne jarinka. Ga yadda za ka tura:

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Sunana Usman, ina zaune a Jekadafari a nan Gombe. Na samu labarin kuna neman mai kula da sito a injinku na casar shinkafa da ke hanyar Dadin Kowa, shi ne nake neman a gwada ni.

Na yi babbar difloma a fannin akanta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi, na kuma kammala bautar ƙasa a 2023. Daga nan na riƙe wa wani dillalin hatsi littafi a kasuwar Tudun Hatsi na tsawon shekara biyu. Ni nake tsayawa a bakin mota ina ƙirga buhu idan ana sauke masara ko wake, in duba sikeli, in rubuta rasit, in sallami 'yan dako. Da yamma ba na tashi sai abin da ke littafi ya yi daidai da abin da ke sito. Na tarar ana rubuta bashi a takardu barkatai, sai na mayar da shi cikin Excel, yadda maigida zai ga wanda ya biya da wanda ake bi a shafi ɗaya.

Ban taɓa aiki a injin casa ba. Lissafin abin da buhun shanshera ke bayarwa bayan an cashe, da rarrabe tsaba da gutsattsari da dusa, zan koye shi a hannun mutanenku. Shiga da fitar kaya kuwa aikina ne.

Maigidan da na yi wa aiki ya amince a tuntuɓe shi a kaina. Na haɗo hoton takarduna da wannan saƙo, kuma duk ranar da ta yi muku daidai zan zo da na ainihi mu gana.

Na gode, Allah ya ƙara buɗi.
Usman

Kafin ka tura, ka je ka gaida tsohon maigidan naka ka shaida masa, kada a kira shi bai san zancen ba. Kuma ka tura da safe, ba tsakar dare ba kamar yadda ka saba.

Yayarka, Hauwa