Takardar neman shaidar zaman mai biyan haraji a Nijar

Maraɗi, Litinin 14 ga Oktoba 2024

Daga Alhaji Lawali Abdu, ɗan kasuwa, unguwar Zariya, Maraɗi

Zuwa ga Mai girma Daraktan ofishin haraji na jihar Maraɗi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, ranka ya daɗe, na rubuto ne ina roƙon ofishinku ya ba ni takardar da ke shaida cewa a Nijar nake zaune kuma a nan nake biyan haraji, ta shekarar 2023 da ta 2024. Mai lissafin kamfanin da nake da hannun jari ciki a Abijan ya turo mini sunanta ta waya, attestation de résidence fiscale, ya ce in ba ita ba hukumar harajin Kwaddebuwa ba za ta saurari maganata ba.

Ni haifaffen Tibiri ne. Na tafi Abijan a 1998 ina saurayi, na soma da sauke buhunan albasar Galmi a Ajame ƙarƙashin wani ƙanen mahaifina, har Allah ya sa na tsaya da ƙafafuna. Rikicin 2002 da na 2011 duk a can suka same ni, ban gudo ba. A 2015 ni da abokai huɗu muka haɗa jari muka kafa ƙaramin kamfani mai rajista, na sayen albasa da ajiyarta da rarraba ta, kashi 20 cikin ɗari nawa ne. Shekara 24 na yi a ƙasar. Abin da ya dawo da ni gida jikin mahaifiyata ne, da ya kai ga ba a barin ta ita kaɗai, ni ne kuma babba a ɗakinmu. A watan Maris 2022 na sauka daga aikin gudanar da kamfanin, na miƙa wa ɗaya daga cikin abokan, na kwaso iyali muka dawo. Hannun jarina dai na bar shi can, don ba kuɗin da za a zare dare ɗaya ba ne a bar mutane cikin wahala.

Tun daga lokacin nan nake. Gidan da nake ciki a Zariya nawa ne, na gina shi tun ina can, yanzu mata biyu da ƴaƴa tara muna cikinsa tare da tsohuwa. Yara shida suna makaranta nan cikin gari. Na buɗe shago da sito kusa da babbar kasuwa, ina sayen wake da aya da riɗi lokacin kaka daga kasuwannin ƙauye, wajen Gidan Runji da Madarunfa, ina sayarwa idan farashi ya motsa. Na yi rajistar kasuwanci, na karɓi lambar NIF a ofishinku a watan Yuni 2022, kuma ban taɓa bari lokacin biya ya wuce ni ba. Ko a ƙarshen 2023, da iyakar Najeriya ke rufe kaya suka yi kwantai a sito wata da watanni, sai da na sayar da shanu biyu na sauke abin da ke kaina. Rasit ɗin duk suna nan.

Ga inda matsalar take. Kowace shekara idan an yi lissafi aka raba riba, kamfanin yana cire haraji daga kasona tun kafin ya turo mini, ya kai wa hukumar can. A watan Yuni 2023 kasona ya kama sefa 4,000,000, aka cire 600,000. A watan Yuni na bana ya kama 6,000,000, aka cire 900,000. Duka biyun kashi 15 cikin ɗari ke nan, kamar yadda ake cire mini lokacin da nake zaune Abijan, domin a takardun kamfanin har yanzu tsohon adireshina na Abobo ne a rubuce. Laifin wani ɓangare nawa ne, ban bi na sa an gyara ba, hankalina yana kan jinyar tsohuwa da kafa shago. Shi ma mai lissafin bai tambaya ba sai bana da na yi masa magana.

Ɗana na fari da ke karatu a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo shi ya fara jawo hankalina, daga baya mai lissafin ya tabbatar. Ƙasashe takwas na UEMOA, har da Nijar da Kwaddebuwa, suna da doka ɗaya ta hana a karɓi haraji sau biyu kan kuɗi guda, mai lamba 08/2008/CM/UEMOA, wadda aka amince da ita a watan Satumba 2008. A ƙarƙashinta, idan kamfani na wata ƙasar ya biya ribar hannun jari ga mutumin da ke zaune a wata ƙasar ta ƙungiyar, ƙasar da kamfanin yake tana da ikon cire nata, amma kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari. Ke nan a 2023 kamata ya yi a cire 400,000, a bana kuma 600,000. Abin da ya hau kai, 200,000 da 300,000, ya tashi sefa 500,000, jika ɗari biyar. Ga babban attajiri wannan ba komai ba ne. Ni kuwa kuɗin makarantar yara ne da maganin tsohuwa na watanni, kuma idan ba a gyara ba haka za a ci gaba da cirewa duk shekara.

Wani daga cikin abokan nawa ya ce wai tunda Nijar ta sanar da fita daga CEDEAO a watan Janairu na bana, maganar ta mutu. Na ce masa ƙungiyoyin biyu ne daban. Nijar tana cikin UEMOA, sefar da suke kashewa a Ajame ita muke kashewa a Maraɗi, dokar kuma ta UEMOA ce. Kun fi ni sanin wannan, na kawo shi ne don ku san irin tambayar da ake yi mini can.

Akwai abin da nake so in faɗa da bakina kafin a gano shi a takarda. Ina da gida guda a Abobo, ɗaki huɗu, yana hannun ƴan haya. Harajin wannan gida na Kwaddebuwa ne, tunda a ƙasarsu yake, ina biya kuma ba na neman a sassauta mini komai a kansa. Sai dai kada a ɗauka gidan zamana ne. Babu ɗaki ko ɗaya da na keɓe wa kaina ciki. Idan na je Abijan wurin ƙanena nake sauka, kuma zuwan nawa ƙidayayye ne: sau ɗaya a 2023, kwana 19 a watan Mayu don taron masu hannun jari, sau ɗaya a bana, kwana 12. Tambarin shiga da fita yana cikin fasfo. Yadda aka bayyana mini dokar, idan ƙasashe biyu kowace ta ce mutum nata ne, ana fara duba inda yake da gidan zama na dindindin, sannan inda iyalinsa da harkokinsa suka fi ƙarfi, sannan inda ya saba zama, daga ƙarshe a duba ɗan wace ƙasa ne. Ko ta wanne aka bi, a Maraɗi za a same ni.

Na kuma san abin da wannan roƙo yake jawowa, ba a rufe ido na shigo ba. Wasu ƴan uwa da muka dawo tare sun ba ni shawara in yi shiru, wai wanda ya je ya ce wa ofishin haraji yana da kuɗi a waje ya kai kansa. Ban ɗauki shawarar ba. Duk wanda ya ce a shaida masa cewa nan yake zaune, ya yarda ke nan Nijar ta san abin da yake samu har na waje. Idan dokarmu ta ɗora wani abu kan wannan riba, a lissafa mini, a cire abin da Kwaddebuwa ta karɓa bisa ƙa'ida kamar yadda dokar UEMOA ta tanada, in biya ragowar. Na fi son haka. Shekara 24 ina biya a ƙasar mutane, ana ce mini baƙo ko da yaushe, yanzu da na dawo ba zan zauna a garinmu ina ɓoye-ɓoye ba. A nan yarana ke karatu, a asibitin nan ake duba mahaifiyata.

Game da takardar kanta, ina roƙon a kula mini da abubuwa kaɗan da mai lissafin ya jaddada. A yi ta guda biyu, kowace shekara da tata, domin can kowace shekara fayil ɗinta daban. A rubuta ta da Faransanci, da sa hannu da hatimin ofishi, a ambaci lambar NIF tawa da shekarar da ake nufi, in da hali a ambaci dokar UEMOA ɗin da lambarta. Sai maganar suna, wadda ta taɓa ba ni wahala a banki har na yi sati uku ina kai da komo: a fasfo da katin ɗan ƙasa an rubuta LAOUALI ABDOU, a takardun kamfanin kuma LAWALI ABDOU. Don Allah a bi na fasfo. Na riga na sa a gyara na kamfanin ya dace da shi.

Na haɗo da kwafin fasfo har da shafukan da ke da tambari, da katin ɗan ƙasa, da takardar NIF da ta rajistar kasuwanci, da rasit ɗin duk abin da na biya tun 2022. Akwai takardar shaidar zama daga ofishin magajin gari, da takardun wuta da ruwa na gidan Zariya na wata goma sha biyu da suka wuce, da takardun makarantar yara. Daga can kuma akwai takardu biyu na kamfanin da ke nuna ribar da abin da aka cire, da takardar saukata daga gudanarwa ta Maris 2022, da yarjejeniyar hayar gidan Abobo. Ɗana ya juya wannan wasiƙa zuwa Faransanci, ita ma tana ciki, amma na so ku ga maganar yadda ta fito daga bakina. Idan akwai kuɗin tambur ko wata takarda da ake cikewa, a sanar da ni in zo da kaina. Idan kuma sa hannun sai an kai babban ofishin DGI a Yamai, ina roƙon a tura da wuri ko a ba ni in kai.

Mai lissafin yana son takardun su isa hannunsa kafin ƙarshen Nuwamba, don ya shigar da neman maido da abin da ya hau kai kafin su rufe lissafin shekara, kuma rabon baɗi a cire daidai tun farko. Yanzu kaka ce, ranakun kasuwa ina ƙauye wajen awo, amma Litinin da Alhamis ina shago tun safe har la'asar, kuma duk ranar da kuka kira ni zan bar abin da nake yi in zo. Idan ana bukatar a aiko ma'aikaci ya ga gida da sito, ƙofa a buɗe take.

Allah ya ƙara girma, ya taimake ku kan aikinku. Na gode.

Naka,
Alhaji Lawali Abdu
Unguwar Zariya, Maraɗi