Tsarin neman aiki na mako: Habibu, Jidda

Habibu, ga tsarin. An gina shi a kan awa biyun da kake samu, ƙarfe 9 zuwa 11 na safe, da wayar da ke hannunka. Aikin da ake nema shi ne kula da sito, wanda ka yi shekara huɗu kana yi.

Asabar. Ofisoshi da yawa a rufe suke, don haka ranar takardu ce. Shiga Absher, manhajar hidimomin gwamnatin Saudiyya, ka duba ranar da iƙamarka za ta ƙare, sannan ka shiga Qiwa, dandalin ma'aikatar ƙwadago, ka ga matsayin kwantiraginka da sana'ar da aka rubuta maka. Tambayar farko da mai ɗaukan aiki zai yi ke nan: za a iya yi maka naƙalin kafala, wato mayar da kai ƙarƙashin sabon mai aiki? Rubuta takardar bayanin aikinka a Google Docs, shafi ɗaya, Larabci guda Turanci guda, ka ajiye a matsayin PDF. Kada ka tura hoton allon waya, ba ya karantuwa. Sa sunanka a kan fayil ɗin.

Lahadi. Minti 40 a shafukan neman aiki na LinkedIn da Bayt, ka zaɓi gurbi biyar kacal, waɗanda aka saka cikin makon nan. Duk wanda aka rubuta na 'yan ƙasa ne, wuce shi. Sauran lokacin ka tura, kana gyara layin farko ya dace da kowane kamfani.

Litinin. Ranar mutane, kuma ita ce ta fi nauyi. Kira mutum shida: tsofaffin abokan aiki, direbobin da ke kawo muku kaya, Baffa Sani. "A taya ni da cigiya" ba ya kai ko'ina, domin ba wanda ya san me zai cigita. Ka ce, "Baffa, ina neman aikin sito, iƙamata saura wata biyar, wa ka sani a sito-siton unguwar Khumra?" Da ka kashe waya, tura masa PDF ɗin ta WhatsApp.

Talata. Fita. Sito uku a unguwa ɗaya, da kwafi biyar a hannu. Nemi sunan shugaban sito da lambarsa, kada ka bar takarda wurin mai gadi.

Laraba. Gurbi biyar kuma.

Alhamis. Bibiya. Duk wanda ka tuntuɓa tun Lahadi, saƙo layi biyu. Rubuta a littafi: suna, rana, amsa. Wanda ya yi shiru sau biyu, soke shi.

Juma'a ka huta, sai gaisawa bayan masallaci.

In tayi ya zo, jira ka gan shi a Qiwa, ka karanta albashi da sana'a kafin ka amince. A doka, kuɗin naƙali a kan sabon mai aiki yake, saboda haka wanda ya ce ka fara turo riyal 500 na "buɗe fayil", rabu da shi. Lambar da Absher ke turowa da buƙatar shiga ta Nafath, manhajar tabbatar da shaidar mutum, kuwa, kada ka ba kowa, kada ka amince da wadda ba kai ka nema ba, ko da ya ce daga ma'aikata yake kira.