Na karɓi aikin direban tirela

Assalamu alaikum Alhaji, barka da yamma. Na ga takardar ɗaukar aikin da ka turo ta WhatsApp, wallahi na ji daɗi sosai, na karɓa hannu bibbiyu. In Allah ya yarda zan fara ranar Litinin 3 ga wata, ƙarfe 7 na safe ina garejin Agege kafin go-sulo ya rufe hanyar Apapa. Albashi kuma kamar yadda muka yi, naira 180,000 duk ƙarshen wata, ban da alawus ɗin tafiya Kano. Gobe bayan azahar zan kawo lasisi da NIN da fasfo 2 da lambar akawun, garanto na ma zai biyo ni ya sa hannu. Wa zan nema a ofis, ranka ya daɗe? Allah ya saka da alheri.