Gwaggo, ga yadda za ki mayar da wayar Turanci

Assalamu alaikum Gwaggo. Ina wuni, ya gida, ya ƙafar taki? Na ji saƙonki, sai da na yi dariya da kika ce wayar yaren aljanu take yi. Turkanci ne. Laifina ne, a nan Konya na saye ta, na yi ta amfani da ita a haka, na manta ban canza ba na damƙa wa Malam Sani ya taho miki da ita. Ki yafe ni.

Abin ba wuya, don baƙaƙensu irin namu na boko ne. Ba sai kin gane ma'ana ba, ki dai nemi kalmar da na rubuta ki taɓa. In rubutun ya yi miki ƙanana, ki kira Hafsatu ta riƙa duba wannan saƙon a tsohuwar wayar, ke kina dannawa a sabuwar.

Da farko ki buɗe wayar, ki sa yatsa a ƙasan gilashin ki ja sama. Ki nemi wata alama zagayayyiya mai haƙora a gefe, an rubuta Ayarlar a ƙarƙashinta. Taɓa ta.

Dogon jeri zai fito. Ki yi ta jan shi sama har ki kusa ƙarshe, za ki ga Genel yönetim. Ki shiga. Can sama akwai wata gajeriyar kalma, Dil, wato harshe. Ita muke nema.

A nan sai kin kula, Gwaggo. A wannan shafin, can ƙasa, akwai Sıfırla. Don Allah kada yatsanki ya je wurin. Hanyar goge waya ce, kuma hotunan da na zuba miki da karatun Alƙur'anin duk suna ciki.

Kina shiga Dil za ki ga Türkçe ita kaɗai, ƙarƙashinta kuma Dil ekle da alamar tarawa a gefe. Ki taɓa wannan, ki gangara har ki ga English. In ta tambaye ki na wace ƙasa, ki zaɓi United Kingdom. Daga nan za ta kawo zaɓi biyu a ƙasa, ki danna wanda ya fara da Varsayılan. Ki ɗan dakata, nan take komai zai koma Turanci.

In kin ɓata a hanya kada ki damu, ba abin da ya lalace. Ki koma shafin farko ki sake daga Ayarlar. In ta ƙi, Hafsatu ta ɗauki hoton inda kika tsaya ta turo min.

Zan kira ki bayan isha'i da lokacinku. Mun riga ku da awa 2, amma ina nan ban yi barci ba, jarrabawa gare ni ranar Litinin. A sa ni a addu'a. Ki gaida min Kawu da su Abba.

Ɗanki,
Nasiru