Tunatarwa Kan Rahoton Zango na Uku da Ya Wuce Lokacinsa

Zuwa ga: Jami'an fili na Giwa da Soba da Lere, sashen asusu, da mai kula da sito
Daga: Mai kula da shiri, ofishin Kaduna
Rana: Laraba, 15 ga Oktoba

Assalamu alaikum. Malamai da Hajiya, barkanku da aiki, ya gajiyar fili?

Na rubuto ne a kan rahoton zango na uku na shirinmu na tallafa wa manoma, wato na Yuli zuwa Satumba. A taron farkon wata mun tsayar da Juma'a, 10 ga Oktoba, a matsayin ranar da kowane sashe zai miƙo nasa. Yau kwana biyar ke nan da wucewar ranar, kuma na Giwa kaɗai ne ya iso cikakke. Malam na Giwa, mun gode, sai ɗan gyara guda da zan ambata a ƙasa. Na Soba ya zo rabi, na Lere bai zo ba, na asusu kuma yana jiran rasit daga fili.

Na san Satumba ba ta zo da sauƙi ba. Ruwa ya ɓata hanyoyin ƙauye, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, ga girbi ya kunno kai. Sai dai ranar da masu ba da tallafi suka sa mana, Alhamis 30 ga Oktoba, tana cikin yarjejeniyar da aka sa wa hannu, kuma ba ni da ikon matsar da ita. Don haka sabuwar ranarmu ta cikin gida ita ce Litinin, 20 ga Oktoba, ƙarfe 4 na yamma. Wannan ranar ba za ta sake motsi ba, domin babu sauran inda za ta matsa.

Ga lissafin yadda kowa zai gani. Daga 21 zuwa 23 ga wata zan haɗa sassan wuri guda in tantance alƙaluma. Ranar 24 sashen asusu zai daidaita abin da labarin aiki ya ce da abin da takardun banki suka nuna. Ranar 27 da 28 rahoton yana teburin darakta, kuma ba ta sa hannu a kan abin da ba ta karanta ba. Ranar 29 ta gyara ce, 30 a tura. Duk kwanan da wani sashe ya ƙara, daga lokacin tantancewa ake zare shi, kuma rahoton da ba a tantance ba shi ne yake dawowa da tambayoyi.

Abin da ke rataye da rahoton nan kuwa shi ne kason kuɗi na gaba, wanda ba a sakinsa sai an amince da rahoton. Da shi za mu sayi buhunan ajiya masu ɗauri uku da muka yi wa manoma alkawari, da kuma irin noman rani. Masara tana shigowa gida yanzu. Idan buhunan suka makara, ko dai manomi ya zuba ta a buhun da ya saba ƙwari su shiga, ko ya kai kasuwa a kakar da farashi yake ƙasa. Wannan ne dalilin matsawata.

Yanzu ga abin da ya rage a hannun kowa.

Malam na Soba, jerin takarda ya nuna manoma 400, amma abin da ya hau KoboToolbox, inda muke tara bayanan fili, 371 ne, saura 29. Malam na Lere, naka 372 ne cikin 400, saura 28. Da 400 na Giwa, jimilla muna da 1,143 a maimakon 1,200. Kafin a ce bayanan sun ɓata, a duba wayoyin masu tattara bayanai ɗaya bayan ɗaya. Yawanci fom ɗin yana nan zaune: ko an ajiye shi ba a kammala ba, ko an kammala amma sabis ya ɗauke kafin ya tafi. A buɗe KoboCollect a duba wurare biyu, inda ake ajiye waɗanda ba a gama ba da inda waɗanda ke jiran turawa suke. A tara wayoyin a Maigana da Saminaka inda sabis yake da ƙarfi, a tura su a zama guda. Roƙona ɗaya: kada kowa ya goge manhajar ko ya sake saka ta da sunan gyara, domin duk fom ɗin da bai tafi ba zai iya salwanta tare da ita. Idan kuma waya ta lalace ko ta ɓata, a sake shigar da bayanan daga takarda, a rubuta mini sunayen ƙauyukan da abin ya shafa.

Akwai kuma lambobin waya 11 da suka maimaitu a jerin Lere. Maimaituwar lamba ba lallai ta zama maimaituwar mutum ba, tunda a gida ɗaya miji da mata, ko wa da ƙane, sukan ba da lamba guda. Amma mai binciken asusu ba zai san haka ba sai an rubuta masa. Idan lambobin suna ginshiƙin D a Excel, a sa wannan a layi na biyu na wani ginshiƙi da babu komai, a ja shi ƙasa:

```
=COUNTIF(D:D,D2)>1
```

Duk layin da ya nuna TRUE a duba shi, a rubuta a gefe ko mutum biyu ne masu lamba ɗaya, ko mutum ɗaya aka shigar sau biyu. Idan za a shigar da lambobi da hannu, a fara mayar da ginshiƙin zuwa Text, in ba haka ba sifilin farko yana faɗuwa, lamba mai alƙalami 11 ta koma 10.

Batun taki shi ne ya fi buƙatar natsuwa. Kowane manomi ya karɓi buhu 2 na NPK 15-15-15 da buhu 1 na yuriya, kowanne mai kilo 50. Littafin sito ya nuna buhu 2,400 na NPK da 1,200 na yuriya sun fita. Takardun sa hannun da suka iso mini kuwa sun tsaya a 2,364 da 1,182. Bambancin buhu 36 ne da 18, wato daidai rabon mutum 18, kuma dukkansa a ɓangaren Soba. Yadda lissafin ya faɗa daidai haka, na fi kyautata zaton shafi guda ne na takardar sa hannu ya maƙale a wani fayil ko a aljihun mota. Ban zargi kowa ba, kuma ba na son wani ya karanta zargi a cikin wannan sakin layi. Amma ba zan iya rubuta 2,400 a rahoto alhali takardar da ke hannuna tana cewa 2,364 ba. Malam na Soba da mai kula da sito, ku zauna gobe Alhamis ku bi takardun fitar da kaya rana bayan rana. Idan shafin ya fito, shi ke nan. Idan bai fito ba, a koma wurin mutum 18 ɗin su tabbatar da karɓa a sabuwar takarda mai ɗauke da ranar da aka sake sa hannun, tare da shaidar mai unguwa. Kada a mayar da kwanan wata baya, kuma kada wani ya dangwala a madadin wani. Takardar da ta ɓata aka bayyana gaskiyarta ana karɓarta, wadda aka ƙirƙira kuwa ita ce take jawo a sake bincika duk sauran.

Malam na Giwa, gyaran naka a kan girman gonaki ne. Wasu layuka an rubuta su da eka, wasu da hekta, a ginshiƙi ɗaya. Rahoton da hekta yake aiki. Eka ɗaya kusan hekta 0.405 ce, hekta ɗaya kuma kusan eka 2.47. Idan aka haɗa su ba a juya ba, filin zai kumbura a takarda, kuma idan alƙaluman girbi suka zo a zango na huɗu, amfanin kowace hekta zai fito ƙasa da gaskiyarsa, manoman da suka yi ƙoƙari su zama kamar ba su yi ba. Na sa wa layukan da nake shakka launin rawaya, guda 46 ne. Soba da Lere ma ku duba naku kafin ku turo.

Hajiya ta asusu tana jiran bayanin kuɗin tafiya da na horarwa da aka ba da tun kafin aiki, kashi uku, jimilla naira 640,000. Kowane kashi yana buƙatar rasit na asali, da takardar halartar taro mai sa hannun mahalarta, da shaidar mayar da canji idan ya rage. Inda ba a ba da rasit, kamar kuɗin babur zuwa ƙauye, a cike takardar biyan kuɗi ta ofis wanda aka biya ya sa hannu. Rasit ɗin gidan mai da na injin POS suna dushewa da zafi, don haka a ɗauki hotonsu yau, a manna na asalin a farar takarda. Hajiya ba za ta iya rufe lissafin Satumba ba sai waɗannan sun shigo, saboda haka nata jinkirin ba daga teburinta yake ba.

Wani abu da ake yawan mantawa: rahoton horarwa yana buƙatar sa hannun malamin gona na gwamnati da ya halarta. Tun Disamba 2021 ma'aikatan jihar Kaduna suka koma aikin kwana huɗu a mako, don haka wanda ya bar neman sa hannun zuwa Juma'a yana iya samun ofis a rufe. A nema gobe, ko a kira malamin a yi alkawarin Litinin da sassafe.

Game da labarin aiki, shafi biyu ya isa ga kowace ƙaramar hukuma: abin da aka tsara, abin da aka yi, abin da bai yiwu ba da dalilinsa. Inda tsutsar masara ta yi ɓarna a faɗi ƙauyen da yawan gonakin da matakin da aka ɗauka. Inda aka soke horarwa saboda ruwa ko tsaro a faɗa haka kai tsaye. Hotuna huɗu kowanne, da sunan ƙauye da rana, kuma sai waɗanda aka nemi izinin masu su. A sa wa fayil suna kamar haka: `Q3_Soba_v2.xlsx`. A ɗora a babban fayil ɗinmu na ofis, kada a turo ta WhatsApp, domin yana rage ingancin hoto, kuma a can ne ake rasa gane wane kwafi ne na ƙarshe.

Abin da nake so daga kowa kafin ƙarfe 12 na ranar gobe shi ne amsa ta layi ɗaya ko biyu: "zan kai Litinin", ko kuma "ga abin da ya tsayar da ni". Amsa ta biyun ba laifi ba ce, ita ce ma take ba ni damar taimakawa. Motar ofis tana nan ranar Juma'a ga wanda zai je Soba ko Lere, an ware kuɗin data ga masu tura fom, kuma mai taimaka mini da alƙaluma zai zauna da duk wanda Excel ya ba shi wahala. Ni ma ina ofis daga ƙarfe 8 zuwa 5, wayata a buɗe.

Sashen da bai iso ba zuwa ƙarfe 4 na Litinin, zan haɗa rahoton da abin da ke hannuna, in nuna gurbin a fili cewa bayanin wannan yanki bai kammala ba, kamar yadda ƙa'idar rahoton ta tanada. Na faɗa tun yanzu ne don kada ya zo wa kowa ba zato. Na fi son kowane yanki ya fito da cikakken aikinsa, domin na ga abin da kuka yi a damina, kuma ya cancanci a gan shi a rubuce.

Za mu yi gajeren zama ranar Litinin ƙarfe 9 na safe, minti ashirin, waɗanda ke fili su shigo ta waya, kowa ya faɗi inda ya tsaya.

Allah ya taimaka, ya ba mu sa'a. Na gode.

Mai kula da shiri
Ofishin Kaduna