Wasiƙar Ban Haƙuri ga Maƙwabci

Unguwar Dosa, Kaduna
Laraba, 16 ga Afrilu, 2025

Zuwa ga Baba Alhaji,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kun tashi lafiya tare da iyali, kuma jikin Hajiya da sauƙi. Allah ya ƙara mata lafiya, ya sa kaffara ne.

Na rubuto ne domin in ba ku haƙuri a kan ƙarar janaretanmu, wadda ta hana gidanku barci dare uku a jere. Da safen nan na zo ƙofar gida domin mu yi magana baki da baki, sai yara suka ce kun kai Hajiya asibiti, shi ya sa na ga gara in bar wannan takarda da a sake kwana ban ce komai ba.

Tun ranar Lahadi da wutar layinmu ta lalace, nakan tayar da injin bayan sallar isha'i, ya yi ta aiki har wajen ƙarfe 3 na dare, saboda firijin da maiɗakina take sanyaya zoɓo da kunun ayar sayarwa. Salansar injin ta fashe, na kuma san da haka, amma na yi ta jinkirin gyara. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne wurin da na ajiye shi, wato jikin katangar da ta raba mu, daidai tagar ɗakin Hajiya, a wannan zafi da ba mai iya rufe taga ya kwanta. Ba ƙarar kaɗai ba, har hayaƙin ma ɗakinta yake shiga. Ban ankara ba sai jiya, da Liman ya ja ni gefe bayan magariba ya sanar da ni, ya kuma ce ba ku ne kuka kai ƙara ba, shi ne ya lura da kansa. Wannan kawaici naku ya fi faɗa yi mini nauyi.

Ba ni da wata hujja, laifin nawa ne. Yau na sayo sabuwar salansa a Panteka, makaniki ya ɗaura ta, mun kuma mayar da injin bayan gida, nesa da katangarku. Daga yanzu zan riƙa kashe shi da ƙarfe 10 na dare, ko an kawo wuta ko ba a kawo ba. Idan duk da haka ƙarar tana isowa gare ku, don Allah ku aiko ko da yaro ne ya buga mini ƙofa, komai dare.

Shekara 6 muna zaune tare, ban taɓa ganin komai daga gare ku ba sai alheri. Ina roƙonku ku yafe mini, ku kuma roƙa mini gafarar Hajiya kafin mu shigo gaishe ta da maiɗakina ranar Juma'a bayan la'asar, in Allah ya yarda.

Wassalamu alaikum.

Ɗanku kuma maƙwabcinku,
Musa