Tabbatar da ranar ganawa: gurbin malamin lissafi

Assalamu alaikum Malam Bello,

Da fatan kana lafiya, da iyali. Kamar yadda muka yi magana a waya jiya, na rubuto ne don komai ya zama a rubuce.

Za a yi ganawar ranar Talata, 14 ga Oktoba, da ƙarfe 10 na safe, a ofishin shugaban makaranta da ke harabarmu ta Arkilla, nan Sakkwato. Ka yi ƙoƙari ka iso da 9:30 domin a duba takardunka kafin a kira ka. Tunda daga Tambuwal za ka taso, gara ka yi sammako. In ka sauka a tasha, kabu-kabu zai kawo ka Arkilla. Ka nemi bene mai koren ƙyaure. Sunanka na wurin maigadi.

Mutum 3 za ka zauna da su: shugaban makaranta, da mataimakiyarsa mai kula da harkar karatu, da shugaban sashen lissafi. Za su yi maka tambayoyi na kamar minti 20, da Turanci, kan karatunka da wuraren da ka koyar a baya. Nan ne kuma za a taɓo maganar albashi.

Daga nan sai aji. Za ka koyar da 'yan aji 2 na ƙaramar sakandare na minti 15, kan riba da asara. Gaskiya wannan ne ya fi nauyi a wurin kwamitin. Sun sha ganin mai takardu masu kyau, amma da ya tsaya gaban yara sai ya juya musu baya yana magana da allo. Ɗalibanmu ne na gaske, su 32, kuma ba a gaya musu su yi shiru ba. Darasin da Turanci ne, amma in ka ga yaro ya kasa ganewa ka warware masa da Hausa, babu mai rage maka maki. Ka zo da tsarin darasinka a rubuce, kwafi 3. Allo da abin rubutu suna nan.

Takardu kuwa, ka riƙo na asali tare da kwafi ɗaya na kowace: shaidar digirinka, sakamakon WAEC ko NECO, takardar kammala bautar ƙasa, shaidar rajistar TRCN, takardar haihuwa, takardar ɗan asalin ƙaramar hukuma, da takardar NIN. Ka haɗa da ƙananan hotuna 2 na kwanan nan. Na asalin dubawa kawai za mu yi, a take za mu mayar maka. Ka ce ta TRCN ba ta fito ba tukuna, to ka kawo shaidar cewa ka zauna jarrabawar.

Makaranta ba ta biyan kuɗin mota, na ga ya kamata ka sani tun yanzu.

Don Allah ka amsa wannan saƙo kafin Juma'a, 10 ga wata, ko da layi ɗaya ne. In ranar ba ta yi maka ba, ka faɗa da wuri, akwai sarari ranar Alhamis da safe.

Allah Ya kawo ka lafiya.

Hadiza
Sakatariyar makaranta